Lambobin ƙanena sun gauraye da nawa, nawa kuma da yawa sun ɓace

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ina neman wanda ya san waya sosai. Wata biyu ke nan da na yi sabuwar waya, na ba ƙanena tsohuwar. Na cire layina, na goge hotuna da saƙonni, na miƙa masa. Bayan kamar mako biyu sai na fara ganin sunayen da ban sani ba a cikin lambobina, duk abokansa ne da 'yan ajinsu. Ina gani ina gogewa. Jiya kuma na tashi kiran wata da muke hulɗar kasuwanci da ita, na neme ta sama da ƙasa babu lambarta. Da na duba sosai sai na ga ba ita kaɗai ba ce, mutane da yawa sun fita. Yanzu lambobi 397 ne a wayar, alhali na san nawa sun haura ɗari shida. Kutse aka yi min ko me? Duka wayoyin Android ne.

Abba: Wa alaikumus salam Anti. Ba kutse ba ne, akawun ɗinki na Google ne yake kan tsohuwar wayar har yanzu. Ki canza kalmar sirri yanzu-yanzu, sannan ki shiga saitin ki kashe Sync na Contacts. Shi ke nan magana ta ƙare.

Alhaji Garba: Ni ma ya taɓa faruwa da ni. Ki buɗe WhatsApp, ki taɓa ɗigo ukun nan na sama, ki shiga Linked devices. Duk abin da kika gani a ciki ki fitar da shi. Wani yaro ne ya haɗa nawa da kwamfuta, na yi kwanaki ban sani ba.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya ƙara girma, abin da ka faɗa gyara ne mai kyau amma na wata matsalar ne. Linked devices na WhatsApp hirarrakin mutum yake kaiwa wata na'ura. Ita kuwa littafin lambobin wayarta ne ya rikice, wannan kuma akawun ɗin Google ne yake riƙe da shi.

Maman Ilham, kafin komai: kada ki ƙara goge ko lamba ɗaya, kuma ki kira ƙanen naki yanzu ki ce shi ma ya tsaya. Kada ki canza kalmar sirri tukuna, kada kuma ya cire akawun ɗin daga wayarsa. Abba ya gano ciwon daidai, sai dai ya fara da matakin da ya kamata ya zo a ƙarshe.

Ga abin da nake zaton ya faru. Lambobinki ba a cikin wayar suke zaune ba, ba kuma a kan layin da kika cire ba. Suna cikin akawun ɗin, wayar kwafi kawai take nuna miki. To yanzu wayoyi biyu ne suke kallon littafi ɗaya. Duk lambar da ya ajiye, cikin littafinki ta shiga, shi ya sa kika ga abokansa. Duk wadda kika goge, daga wayarsa ma ta fita. Ki tambaye shi, ina kyautata zaton shi ma ya gaji da ganin mutanen da bai sani ba, ya zauna ya share su.

Maman Ilham: Innalillahi. Malam wallahi haka aka yi. Yanzu muka gama waya da shi. Ya ce shekaranjiya da daddare ya zauna ya yi ta goge sunayen da bai sani ba, a tunaninsa ragowar nawa ne da suka maƙale a wayar, tunda ni ina da su a sabuwa. Kuma ya ce ya daɗe yana mamakin yadda lambobin abokansa suke ɓacewa, har ya fara zargin wayar ce ta lalace. Ashe ni ce nake goge masa. To yanzu sun tafi ke nan?

Malam Sani: Ba su tafi ba, tunda shekaranjiya ne. Lambar da aka goge daga akawun ɗin Google tana zama a kwandon shara kwana 30 kafin ta tafi gaba ɗaya. Ki buɗe burauza, in da hali a kwamfuta don ya fi sauƙin gani, ki shiga nan da akawun ɗinki:

```
contacts.google.com
```

Abu na farko, tun kafin ki taɓa kwandon, ki nemi Export ki sauke duk lambobin da ke nan a matsayin vCard. Zai ba ki fayil guda mai ƙarewa da .vcf. Ki ajiye shi. Idan wani abu ya karkace a tsakiyar aikin, kina da inda za ki koma.

Na biyu, a jerin gefen hagu akwai Trash, wasu wayoyin Bin suke rubutawa. Ki buɗe ki gaya mana nawa kika gani. Kowace lamba za ta nuna ranar da aka goge ta.

Abba: Malam ai akwai hanya mafi sauri. A wannan shafin in ta taɓa alamar saitin akwai Undo changes. Ta zaɓi mako ɗaya da ya wuce, komai ya dawo a taɓawa ɗaya. Me zai sa ta tsaya zaɓen lambobi ɗari biyu da hannu?

Malam Sani: Akwai shi, kuma yana aiki, har zuwa kwana 30 baya. Amma ka lura da yadda yake aikin: littafin gaba ɗaya yake mayarwa yadda yake a wancan lokacin. Duk lambar da ita ko ƙanenta suka ajiye a cikin makon nan za ta fita, duk gyaran da aka yi wa wata lamba zai koma yadda yake a da. Ga mai kasuwanci da kullum take ajiye sababbin mutane, wannan asara ce ta biyu. Kwandon shara kuwa ƙari kawai yake yi, ba ya rage komai. Kuma ba sai ta bi ɗaya bayan ɗaya ba, za ta iya zaɓar duka ta danna Recover. Undo changes na fi ajiye shi ga ranar da aka haɗe lambobi bisa kuskure, ko aka shigo da fayil ya ninka kowane suna sau biyu.

Maman Ilham: Na sauke fayil ɗin. A cikin Trash akwai 293. Mafi yawa ranar shekaranjiya ce a jikinsu, sauran kuma waɗanda ni na goge ne a makonnin nan. In dawo da duka har da na abokansa?

Malam Sani: Har da su. Nasa ne, kuma a yanzu babu inda suke a duniya sai cikin kwandon nan naki. Ki dawo da duka, daga baya a raba.

Maman Ilham: Alhamdulillahi! Sun dawo, yanzu 690 ne. Matar da nake nema ma ga ta nan, har ta sauko wayata. Amma ƙanena ya ce akwai wasu abokansa wajen goma sha biyu da har yanzu bai gani ba.

Malam Sani: Waɗannan su ne na farko-farkon da kika goge. Kin ce bayan mako biyu da ba shi wayar kika fara gogewa, ke nan na farkon sun kai wajen mako shida, sun wuce kwana 30. Ba za a same su ta nan ba, Undo changes ma ba ya kaiwa can. Ya duba jerin kiran da ya yi da hirarrakinsa na WhatsApp, lambar tana nan ko da sunan ya fita, sai ya sake ajiyewa. Amma ya dakata da ajiyewar har mu gama rabon, in ba haka ba cikin littafinki za su sake faɗawa.

Nura mai gyaran waya: Sannunku da aiki. Irin wannan kusan kullum sai an kawo min. Kuma gaskiya wani ɓangaren laifin namu ne masu gyara da masu sayar da waya. Mutum zai sayi waya ya ce a saka masa WhatsApp, ba shi da akawun, sai yaron shago ya saka nasa don a samu shiga Play Store, ya manta bai cire ba. Na taɓa karɓar wayar wani dattijo na tarar da lambobi sama da dubu biyu, shi kuwa mutanen da ya sani ba su kai ɗari ba. Ashe akawun ɗin wani yaro ne da ya saka a wayoyin mutane da dama, duk littafinsu ya zama ɗaya. Kowa yana ganin lambar matar kowa. Ni yanzu ko za a ɓata lokaci sai na buɗe wa mutum nasa, na rubuta masa a takarda ya tafi da ita.

Game da rabon, Hajiya, hanya mai sauƙi ita ce ƙanen ya buɗe nasa akawun, ya ƙara shi a wayar tare da naki. A manhajar Contacts ta Google ya zaɓi mutanensa, ya taɓa ɗigo uku, akwai Move to another account. Nan take za su bar naki su koma nasa.

Malam Sani: Nura ya kawo hanya mai kyau, in dai manhajar Google ɗin ce a wayar. Wasu kamfanonin suna zuwa da tasu manhajar lambobin, tsarinta daban. Ni na fi son a yi ta shafin da ta riga ta buɗe, saboda dalili ɗaya: ita ce za ta ga abin da ke fita daga littafinta. Akwai lambobin da dukansu suke buƙata, iyaye da 'yan uwa da dangi. Idan ya yi Move da lambar mahaifiyarsu, ta fita daga wayar yayarsa ke nan, mun koma gidan jiya.

Don haka, Maman Ilham, ku zauna tare ko ku yi ta waya. A shafin ki yi Create label, ki sa masa sunan ƙanen. Ki bi jerin ki saka duk nasa a ciki, har da 'yan uwan da yake so. Sai ki yi Export na wannan rukunin kaɗai a vCard, ki tura masa fayil ɗin. Shi kuma ya yi Import cikin sabon akawun ɗinsa. Sai ya tabbatar miki ya gan su a nasa kafin ki goge abokansa daga naki, ki bar na dangi.

Hajiya Rabi: Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni ba waya na bayar ba. Na goge lambar wata mata tun bara, mun rabu ba daɗi, amma har yau tana cikin jerin mutanena a Telegram. Na duba wayar babu ita, na duba shafin da Malam ya bayar babu ita. Daga ina take fitowa?

Abba: Hajiya wataƙila tana kan sim ɗinki ne.

Hajiya Rabi: Na canza layi ma tun lokacin, ɗana.

Malam Sani: Hajiya, taki daban ce amma 'yar gida ɗaya ce. Manhajoji irin su Telegram suna ɗaukar kwafin lambobinki su ajiye a wajensu idan kin ba su izini, don su nuna miki wanda yake amfani da manhajar. Wannan kwafin zaman kansa yake yi. Ki shiga saitin Telegram, Privacy and Security, ki gangara ƙasa. Za ki ga Sync Contacts, ki kashe shi, sannan ki taɓa Delete Synced Contacts. Kashewar tana hana a ɗauki sababbi, gogewar ce take cire waɗanda aka riga aka ɗauka. Mutane da yawa na farkon kawai suke yi. Sai dai ki sani, bayan haka wasu mutanen za su riƙa fito miki da sunan da suka sa wa kansu, ba wanda kika ajiye su da shi ba.

Hajiya Rabi: To madalla, na gani. Zan yi da daddare in na natsu.

Maman Ilham: Mun gama rabon, ya ɗauke mu kusan awa biyu. Nasa 78 ne, na haɗa masa da na dangi na tura. Ya ce sun shiga sabon akawun ɗinsa. Na goge abokansa, nawa sun tsaya 612. Yanzu sai in kashe Sync ɗin kamar yadda Abba ya ce?

Malam Sani: A wayarki kada ki kashe. Shi ne ya cece ki yau. Da a cikin wayar kaɗai lambobin suke, ranar da ta faɗa ruwa ko aka sace ta sun tafi ke nan. Matsalarki ba Sync ba ce, matsalar ita ce akwai wayar da ba taki ba a cikin akawun ɗinki.

A wayarsa kuma kashewa ba ta isa ba. Ko ya kashe na lambobi, akawun ɗin yana nan daram. Zai iya buɗe Gmail ɗinki, da abin da ke Drive, da hotunan da suka hau Google Photos. Zai iya ganin inda sabuwar wayarki take a taswira ta manhajar neman waya. Idan wani ya gwada shiga akawun ɗinki, saƙon da ke tambaya ko ke ce zai iya fitowa a wayarsa, ya danna Yes bai san me ya amince da shi ba. Ba zargin yaron nake ba, amma waya tana shiga hannun abokai, tana zuwa wajen gyara, tana ɓata.

Abin da zai yi shi ne ya cire akawun ɗin daga wayar da hannunsa. A saitin, wajen da aka rubuta Passwords & accounts, a Samsung kuma Accounts and backup sannan Manage accounts. Ya taɓa adireshinki, ya danna Remove account. Wayar za ta yi gargaɗin cewa za a goge lambobi da saƙonni daga cikinta. Kada ya tsorata, daga wayar kaɗai ake nufi. A nan ne bambancin yake: goge lamba yana bin ta har cikin akawun, cire akawun kuwa kwafin da ke wayar kawai yake ɗaukewa, littafin yana nan lafiya.

Abba: Na yarda da wannan Malam. Amma ni a tawa wayar akawun biyu ne, nawa da na wurin aiki. Na aikin ba zan iya cire shi ba saboda imel, lambobinsa ne kawai ba na so su cika min waya. A nan ai kashe Sync ne maganin ko?

Malam Sani: A nan kam ka yi daidai, wurinsa ke nan. Ka taɓa akawun ɗin aikin a saitin, Account sync, ka kashe Contacts kaɗai ka bar Gmail. Amma ka kiyaye abu ɗaya. Kada ka ce tunda ka kashe bari ka goge lambobin aikin da suka rage a wayar. Wayar tana riƙe da lissafin abin da ka goge, ranar da aka sake kunna Sync sai ta aika da gogewar can. In ba ka son ganinsu, manhajar lambobi tana da wurin zaɓar akawun ɗin da za ta nuna, ka zaɓi naka kawai.

Abba: Ai ni da na kashe, da kansu suka fita daga wayar, ban goge komai ba.

Nura mai gyaran waya: A'a Abba, ba sa fita. Na kashe wa mutane ya fi a ƙirga, lambobin suna nan zaune, sabuntawa ce kawai take tsayawa.

Abba: Wallahi Yaya Nura a gabana suka fita. Har na tsorata na buɗe shafin na ga suna can.

Nura mai gyaran waya: Ta ina ka kashe? Domin wuri biyu ne. Akwai na cikin Accounts, akwai kuma wanda ke ƙarƙashin Google a saitin, Google Contacts sync. Ni na farkon nake taɓawa.

Abba: Na manta gaskiya, an daɗe. Zan gwada a wayar ƙanwata in gani.

Malam Sani: Kada ka gwada a wayar kowa sai ka fara yin Export. Ko sun zauna ko sun fita daga wayar, muddin suna bayyana a contacts.google.com ba a yi asara ba. Wanda zai yi kuka shi ne wanda bai taɓa dubawa ba ko nasa suna can.

Tunda Nura ya ambaci Google Contacts sync, akwai wani maɓalli a cikinsa da ya shafi ƙanen Maman Ilham. Shi ne mai cewa Also sync device contacts. Idan yana kunne, lambobin da aka ajiye a ƙwaƙwalwar wayar ma yana kwashe su ya mayar da su na akawun ɗin da aka zaɓa. Ke nan ko mutum ya ce shi a waya yake ajiyewa ba a Google ba, suna iya ƙarewa a littafin wani. Bayan ya cire naki, ya shiga nan ya tabbatar adireshinsa ne a wurin. Haka kuma a saitin manhajar Contacts akwai Default account for new contacts, ya sa nasa. Ke ma ki duba naki.

Nura mai gyaran waya: Ƙari a kan na Malam. Ni da za a bi tawa, bayan ya cire akawun ɗin a yi wa wayar Factory reset gaba ɗaya, ya fara da nasa daga tushe. Akawun ɗin da aka fara sakawa a waya shi yawancin manhajoji suke ɗauka a matsayin babba, kuma akwai sauran wuraren da ta shiga da ba na Google ba, da kalmomin sirrin da burauza ta riƙe. Tunda lambobinsa sun hau nasa akawun, hotunansa kawai zai kwashe da ajiyar WhatsApp.

Amma a bi tsari: a cire akawun tukuna, sannan a wanke ta cikin saitin. Tun daga Android 5.1 akwai kariyar da ke kulle waya idan aka wanke ta ta hanyar danne maɓallan gefe alhali da akawun a kanta. Tana tashi za ta ce sai an saka akawun ɗin da ke kanta a da. An yi shi ne don ɓarayi, amma waɗanda na fi gani ya kama su ne masu sayen waya ta hannu da waɗanda aka ba kyauta. Kuma wannan ne ya sa na ji daɗi da Malam ya hana canza kalmar sirri da farko. Google da kansu suna ba da shawarar a jira awa 24 bayan canza ta kafin a wanke waya.

Ummi: Ni tambayata, idan wayar ba ta hannunka fa? Tawa sace ta aka yi wata huɗu da suka wuce, ban yi komai a kai ba sai layi da na dawo da shi. Yanzu da nake karanta wannan gabana sai faɗuwa yake.

Malam Sani: Ummi, ki yi yau. Ki fara da google.com/android/find ki ga ko wayar tana bayyana. In tana nan ki ba da umarnin a goge ta, zai aiwatar duk lokacin da ta hau intanet. Wannan ne farko, domin idan kika fitar da ita daga akawun kin yanke igiyar da za ki iya goge ta da ita. Bayan wata huɗu, mai yiwuwa an riga an wanke ta ba za ki gan ta ba. Ko ma yaya ne, ki canza kalmar sirri.

Maman Ilham, ke ma matakinki na gaba ke nan. Ki shiga:

```
google.com/devices
```

Ko ta saitin waya: Google, Manage your Google Account, Security, sai Manage all devices. Zai jero duk na'urar da akawun ɗinki yake kai yanzu ko ya kasance a makonnin baya-bayan nan. Duk wadda ba ta hannunki, ki taɓa ta ki danna Sign out. Abin da ya sa ban ce ki fara da wannan ba shi ne, fitarwa daga nesa tana tsayar da shiga ne kawai. Abin da ya riga ya sauka a wayar yana iya zama a cikinta. Tunda wayar tana gida, cirewa da hannu ta fi tsafta.

Maman Ilham: Ya cire, ya ce wayarsa yanzu mutanensa ne kaɗai a ciki. Na gwada ajiye wata lamba ta gwaji a tawa, bai gan ta ba. Na shiga jerin na'urorin kuma, na ga abu biyar. Sabuwar wayata ta fito sau biyu. Tsohuwar tana nan an rubuta Signed out. Akwai Windows guda ɗaya, na tuna na taɓa shiga imel a kwamfutar wata ƙawata don in fitar da takarda. Na biyar ɗin ne ban gane ba, wata Android ce mai suna kamar lambar mota, kuma garin da aka rubuta ban taɓa zuwa ba.

Alhaji Garba: To ka ji. Ni dai tun farko jikina ya ba ni akwai hannun wani a ciki.

Malam Sani: Mai yiwuwa ne Alhaji, amma kada mu yanke hukunci da sunan gari. Garin ana ƙiyasta shi ne daga adireshin intanet, kuma layukan waya sukan nuna mutum a garin da ba ya ciki. Fitowar waya ɗaya sau biyu ma ba abin damuwa ba ne, shiga ta burauza daban ake lissafa ta da shigar wayar kanta. Tsohuwar da aka rubuta Signed out za ta ɓace daga jerin da kanta bayan wasu makonni, babu maɓallin goge ta.

Ta biyar ɗin, ki taɓa ta ki ga ranar da aka fara shiga da ranar da aka yi amfani da ita na ƙarshe. Sunan mai kama da lambar mota lambar samfurin waya ce, ki kwatanta da abin da ke About phone a wayoyin gidanku. Ko kin gane ta ko ba ki gane ba, ki yi Sign out, ita da Windows ɗin. Sannan yanzu lokacin shawarar Abba ya yi: ki canza kalmar sirri, domin wanda ya san tsohuwar zai iya komawa ko kin fitar da shi. Kafin ki fita daga Security ki duba Recovery phone da Recovery email, ki tabbatar naki ne kuma layin yana hannunki. In na wani ne a wurin, zai iya karɓe akawun ɗin ta hanyar cewa ya manta kalmar sirri. Ki kunna 2-Step Verification, ki sauke Backup codes, guda 10 ne, ki rubuta su a takarda ki adana ba a cikin wayar ba.

Nura mai gyaran waya: Hajiya wa ya buɗe miki akawun ɗin tun asali? In a shago ne, ki duba lambar da ke Recovery phone da kyau.

Maman Ilham: Maigidana ne ya buɗe min shekarun baya, kuma lambarsa ce a wurin, wani tsohon layinsa da ya daina amfani da shi. Na canza zuwa tawa. Na fitar da na'urorin biyu, na canza kalmar sirri, na rubuta lambobin goma a littafina. Ita waccan Android ɗin an yi amfani da ita kwana tara da suka wuce. Na duba tawa da ta ƙanena, samfurin bai yi daidai da ko ɗaya ba. Saura ƙaramin allon da yara suke kallo a kai, yana wajen kakarsu, sai gobe zan aika a duba min bayansa.

Malam Sani: In allon ne, gobe za ki ji yara suna cewa yana neman a sake shiga, kin samu amsa ke nan. Kada ki mayar da naki a kai, a buɗe masa nasa daban. In kuma ba shi ba ne, ki koma Security ki buɗe Recent security activity, ki turo mana abin da aka rubuta a ranar, amma ki rufe adireshin imel ɗinki a hoton kafin ki turo.